Sunan Mai Magana a Bidiyon Waya: Inda Ake Ajiye Shi da Abin da Ke Sa Ya Karantu

Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ɗauke da sunan mai magana da muƙaminsa ya samo asali ne daga talabijin, inda hoto ke kwance, kuma kashi na uku na ƙasa yakan kasance fili ne da babu abin da ke cikinsa sai ƙirjin mai magana ko teburin da yake zaune a gabansa. Da bidiyo ya koma kan waya, kuma aka tsayar da shi a tsaye, sai editoci da dama suka ɗauko wannan al'ada yadda take suka ɗora, ba tare da sun lura cewa filin da suka saba ajiye suna a cikinsa ya zama mallakar manhaja ba. A nan ne manhaja ke rubuta sunan mai asusu, da bayanin da aka liƙa wa bidiyon, da sunan sautin da ke tashi, a gefen dama kuma ta jera maɓallan so da sharhi da turawa. Sunan da aka ajiye a wannan wuri yana fitowa tsaf a kwamfutar edita, amma a hannun mai kallo wani rubutu ne ke hawa kansa.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko. An yi hira da wani mai sayar da atamfa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, yana tsaye a bakin shagonsa, bayansa kuwa turame ne jere har sama, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da farin shadda, ga jama'a suna giftawa. Za a fitar da bidiyon a tsaye, faɗinsa fiksel 1080, tsawonsa fiksel 1920, kuma ana son sunan mutumin da sana'arsa su fito a layi biyu. Da wuya a sami bayan hoto da ya fi wannan wahalar da rubutu, domin babu launin da za a zaɓa wa haruffa da ba a samunsa a jikin wani turmi.

Abu na farko shi ne sanin iyakar filin da ya rage. Kamfanin Meta, a shawarar da yake bai wa masu talla a Reels, wato gajerun bidiyon tsaye na Instagram da Facebook, ya ce a bar kusan kashi 14 cikin ɗari na sama, da kashi 35 na ƙasa, da kashi 6 na kowane gefe babu rubutu. Idan aka mayar da wannan zuwa fiksel a hoto mai tsawon 1920, za a ga cewa an yanke 269 daga sama da 672 daga ƙasa, wato layin ƙarshe da rubutu zai iya kaiwa yana kan fiksel na 1248 idan ana ƙirgawa daga sama. To, kashi na uku na ƙasa yana farawa ne daga fiksel na 1280. Ma'anar wannan lissafi ita ce dukan kashin ƙasa, daga farkonsa har ƙarshensa, yana wajen filin da aka amince da shi, don haka dole sunan ya hau zuwa ƙasan kashin tsakiya. Gaskiya ne cewa an yi wannan awo ne domin talla, wadda ke da ƙarin maɓalli a ƙasa, kuma bidiyon da ba talla ba yakan sami fili fiye da haka. Sai dai bayanin da mai asusu ke rubutawa yana iya zama layi ɗaya ko layi uku, manhajojin kuma suna sauya fasalinsu ba tare da sanarwa ba, don haka a ganina wanda ya tsaya kan awo mafi tsanani ya fi samun kwanciyar hankali a kan wanda ke auna kowace manhaja daban yana neman ribar fiksel hamsin.

Gefe kuma yana da nasa tarkon da ba a cika lura da shi ba. Yawancin wayoyin yanzu sun fi bidiyon tsawo, domin allonsu yana kan ma'aunin 9 zuwa 20 ko kusa da haka, shi kuwa bidiyon yana kan 9 zuwa 16. Idan manhaja ta buɗa hoton don ya cika allo mai fiksel 1080 a faɗi da 2400 a tsawo, sai ta ƙara masa girma da kashi ɗaya cikin huɗu, faɗinsa ya koma 1350, abin da ya wuce faɗin allon kuwa ya zube ta gefe biyu. Abin da ke zubewa a kowane gefe ya yi daidai da fiksel 108 na ainihin bidiyon, wato kashi 10 cikin ɗari. Ba kowace manhaja ke yanka har haka ba, tun da wasu suna ware wa jerin maɓallansu wuri a ƙasa, amma wannan shi ne mafi munin abin da ke iya faruwa a irin wannan allo, kuma shi ya sa ake ganin suna ya rasa harafinsa na farko a wata waya alhali yana cikakke a wata. Saboda haka a aikinmu za mu fara daga fiksel na 108 a hagu, mu bar 150 a dama domin maɓallan da ke jere a can, abin da ya rage mana kuwa shi ne faɗin fiksel 822.

Wannan hawa da sunan ya yi yana da sakamakon da ya shafi mai ɗaukar hoto tun kafin aiki ya iso teburin edita. Idan sunan zai zauna tsakanin fiksel na 1070 da na 1246, to wajibi ne haɓar mai magana ta kasance sama da fiksel na 1000, idanunsa kuma a wajejen na 640, wato kan layin da ya raba kashin sama da na tsakiya. Wanda ya ɗauki hoto ya sa fuskar mutum a tsakiyar allo ya riga ya cinye wurin sunan, kuma abin da ya rage wa edita shi ne ya rufe bakin mai magana ko ya tura sunan ƙarƙashin rubutun manhaja, duka biyun kuwa ɓarna ce. Idan hoton ya riga ya zo a haka, mafita mafi sauƙi ita ce a ɗan buɗa shi a tura shi sama, ko a ajiye sunan a saman kai ƙarƙashin fiksel na 269 idan akwai fili a can.

Bayan wuri sai girman haruffa, kuma a nan ma lissafi ya fi ido gaskiya, domin idon edita yana kallon babban allo ne. Waya mai allon inci 6.5 tana da faɗin da bai wuce santimita 6.8 ba. Idan aka shimfiɗa fiksel 1080 a kan wannan faɗi, haruffan da aka ba su girman fiksel 60 suna fitowa ne a kusan milimita 3.8, waɗanda aka ba su 44 kuma a kusan milimita 2.8, sannan ainihin jikin ƙaramin harafi irin su a da n bai fi rabin wannan da ɗan kaɗan ba. Don haka za mu ba sunan girman 60 da haruffa masu kauri, mu ba layin sana'a girman 44, kuma ba na ba da shawarar a sauka ƙasa da 40 ga kowane layi a bidiyon tsaye.

Da zarar an tsayar da girma, sai tsawon suna ya zama matsala, musamman a wurinmu da ake haɗa Alhaji ko Hajiya da sunan yanka da na uba da na gari, wani lokaci har da sarauta. A matsakaici kowane harafi yana cin ɗan fiye da rabin girmansa a faɗi, wato kusan fiksel 34 idan girman 60 ne. Idan aka cire tazarar fiksel 28 daga kowane gefe na filinmu, 766 ne suka rage, kuma wannan ba zai ɗauki fiye da haruffa 22 ba, har da gurbin da ke tsakanin kalmomi. Suna mai haruffa 30 ba zai shiga ba. Abin da aka fi yi shi ne a rage girman har sunan ya shiga, amma a girman 44 sunan ya zama daidai da layin da ke ƙarƙashinsa, ido kuma ya rasa wanda zai fara karantawa. Ya fi kyau a tambayi mutumin sunan da aka fi saninsa da shi a sa shi a layin sama, a sauko da sarauta ko muƙami zuwa layi na biyu, domin cire wa mutum lakabinsa ba tare da izininsa ba abu ne da ke jawo ƙorafi bayan bidiyo ya fita. Layin sana'a ma yana bukatar aski. Jimlar “Mai sayar da atamfa, Kantin Kwari” tana da haruffa 33, a girman 44 kuwa tana neman kusan fiksel 800, don haka ta ɗan zarce. Idan aka mayar da ita “Mai sayar da atamfa, Kwari” sai ta koma haruffa 26 ta zauna da sarari, kuma duk wanda ya san Kano ya gane wurin da ake nufi.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Salon haruffa da yawa da ke zuwa cikin manhajojin tace bidiyo ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake amfani da shi a rubutun Hausa na Nijar. Idan harafin ya ɓace, manhaja takan nuna akwati fanko ko ta aro shi daga wani salo, sai a ga Ɗanbatta ko Ƙofar Mata da harafin farko siriri a cikin 'yan'uwansa masu kauri. Noto Sans da Andika suna ɗauke da waɗannan haruffa, manya da ƙanana, kuma kyauta ne. Ya kamata a gwada salon a kaurin da za a yi aiki da shi, a kuma duba lanƙwasar bayan an rage ingancin bidiyon, domin ita ce ke fara narkewa, ɗ ta koma d.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ɗaukar lokaci, wato yadda za a raba haruffan da turamen da ke bayansu. Ana auna bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa da wannan ƙa'ida, inda L1 yake nufin hasken launi mafi haske, L2 kuma na mafi duhu, kowanne tsakanin 0 da 1:

```
(L1 + 0.05) / (L2 + 0.05)
```

Fari a kan baƙi yana ba da 21, wanda shi ne ƙololuwa, fari a kan fari kuma yana ba da 1. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara domin shafukan intanet amma suke amfani a nan, sun nemi aƙalla 4.5 ga rubutu na yau da kullum, da 3 ga manyan haruffa. Tun da waya ana kallonta a rana, da hasken da aka rage domin tattalin batir, 4.5 ne ya dace a riƙe ga layukan biyu. Wahalar bidiyo ita ce bayan yana motsi, don haka awon da ake bukata shi ne na mafi munin firam a cikin daƙiƙun da sunan yake kan allo. A hirar Kwari, wannan firam shi ne lokacin da wani mai farar riga ya gifta ta bayan rubutun, ko mai shagon ya ɗaga farar shadda yana nunawa.

Hanyoyi uku aka saba bi. Inuwa mai laushi a bayan haruffa tana aiki a kan bayan da yake lafiyayye, amma a kan atamfa mai zane ba ta da ƙarfin danne layukan da ke ratsa tsakanin haruffa. Baƙin layi da ke zagaye harafi ya fi ta ƙarfi, sai dai idan siriri ne matsewar bidiyo tana cinye shi, idan kuma ya yi kauri yana toshe cikin a da e, ya haɗe lanƙwasar ƙ da jikinta. Hanya ta uku, wadda ita kaɗai ce za a iya tabbatar da ita da lissafi, ita ce a sa baƙar shimfiɗa a ƙarƙashin rubutun. Tambayar da ke biyo baya ita ce yawan duhun da za a ba ta, wato lambar da ake sawa a gurbin `Opacity`.

Editoci suna son shimfiɗa mai shara-shara domin kada ta rufe hoto, shi ya sa ake yawan ganin 30 ko 40. Mu auna su a kan farar riga, wadda darajarta take 255 a ma'aunin launi. Baƙar shimfiɗa mai duhun kashi 40 tana barin kashi 60 na farin ya ratso, wato 153, launin toka mai lamba `#999999`, kuma farin rubutu a kansa yana ba da 2.85 kacal, wanda bai kai ko ma'aunin manyan haruffa ba. Launin toka mafi haske da farin rubutu ke samun 4.5 a kansa shi ne `#767676`, wato 118, kuma ana isa gare shi ne idan duhun ya kai kashi 54. A kashi 65 bayan yana komawa `#595959`, bambancin kuma ya kai 7. Wannan na ƙarshe za mu ɗauka, domin baya ga lamba akwai zanen atamfa da ake son a kashe kaifinsa, kuma har yanzu mai kallo yana hango launukan shagon ta cikin shimfiɗar. Wannan lissafi ya ginu ne a kan yadda yawancin manhajoji ke gauraya launi idan ba a taɓa saitinsu ba. Idan aikin yana kan saitin da ke gauraya haske kai tsaye, shimfiɗar za ta fito da haske fiye da haka, don haka hanya mafi tabbas ita ce a fitar da firam ɗin a matsayin hoto, a ɗauki launin da ke tsakanin haruffa, a auna shi.

Da wannan awo za a iya yanke hukunci kan launin layi na biyu. An saba dusashe shi zuwa toka mai haske domin sunan ya fi fitowa, amma `#CCCCCC` a kan `#595959` yana ba da ƙasa da 4.4, alhali shi ne layin da ya fi ƙanƙanta kuma ya fi bukatar taimako. Gara a bar shi fari, girma da kauri su nuna wanda yake gaba. Jan rubutu kuwa ba shi da wurin zama a nan, domin ja tsantsa a kan wannan baya bai kai 2 ba. Ƙari a kan haka, tsarin matse bidiyo na H.264 da akasarin bidiyon waya ke fita da shi yana adana bayanin launi ne a rabin yawan fiksel na bayanin haske a tsaye da a kwance, don haka gefen harafin da launi kaɗai ya raba shi da bayansa yana yin dishi-dishi, shi kuwa fari a kan duhu yana tsira da kaifinsa. Idan tashar tana da launin da aka santa da shi, sai a sa shi a wani ɗan sanda mai kaurin fiksel 10 ko 12 a gefen hagu na shimfiɗar, inda babu abin karantawa.

Ga wanda yake aiki da ffmpeg, manhajar da ake sarrafa bidiyo da ita ta hanyar rubuta umarni, ga yadda dukan waɗannan lambobi ke haɗuwa. An ajiye sunan da sana'ar a fayiloli biyu na rubutu domin haruffa masu lanƙwasa su shiga lafiya:

```
ffmpeg -i hira.mp4 -vf "drawbox=x=108:y=1070:w=822:h=176:color=black@0.65:t=fill:enable='between(t,2,7)',drawtext=fontfile=NotoSans-Bold.ttf:textfile=suna.txt:fontsize=60:fontcolor=white:x=136:y=1094:enable='between(t,2,7)',drawtext=fontfile=NotoSans-Regular.ttf:textfile=sanaa.txt:fontsize=44:fontcolor=white:x=136:y=1172:enable='between(t,2,7)'" -c:a copy fita.mp4
```

Shimfiɗar ta fara daga 1070 ta ƙare a 1246, fiksel biyu sama da iyaka, sunan kuma zai tsaya daga daƙiƙa ta 2 zuwa ta 7. Daƙiƙa biyar sun isa a karanta layi biyu sau biyu da babbar murya, wanda shi ne gwajin da aka saba yi. Idan za a ƙawata shigowarsa da motsi, kada motsin ya wuce rabin daƙiƙa, kuma kada a ƙirga shi cikin lokacin karatu. Idan bidiyon yana da fassarar magana da aka liƙa a jikinsa, ita ma wannan fili take nema, don haka sai a fito da sunan lokacin da mai tambaya ke gabatar da baƙon, ko a ɗaga sunan sama da fassarar na waɗannan daƙiƙu.

Sau da yawa hira ɗaya ake fitarwa a kwance domin talabijin ko YouTube, sannan a yanko ta a tsaye. A hoton kwance mai 1920 da 1080, ƙa'idar R 95 ta EBU, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, ta ce a bar kashi 5 cikin ɗari a kowane gefe, wato fiksel 96 a hagu da dama, da 54 a sama da ƙasa. Amma yankan tsaye daga tsakiyar wannan hoto yana ɗaukar faɗin kusan fiksel 608 ne kawai, daga 656 zuwa 1264, don haka sunan da ya fara daga 96 ko dai ya ɓace gaba ɗaya ko wutsiyarsa kaɗai ta leƙo. Haka kuma idan aka kalli bidiyon kwance a wayar da aka riƙe a tsaye, fiksel 1920 ne ke matsuwa cikin santimita 6.8, sai haruffa masu girman 40 su koma milimita 1.4, kuma sai an kai su 107 kafin su yi daidai da 60 na bidiyon tsaye. Saboda wannan dalili ake ajiye kwafin hira da babu rubutu a jikinsa, a ɗora wa kowane fasali nasa sunan da nasa awon.

Gwajin ƙarshe ana yin sa ne a kan waya, kuma ba a kan wayar da ta fi tsada a ofis ba. A loda bidiyon a manhajar da zai fita a matsayin daftari ko a ɓoye, a rubuta masa bayani mai layi uku, a duba ko wani abu ya taɓa shimfiɗar ta ƙasa ko ta dama. Sannan a tura shi ta WhatsApp zuwa wata waya, domin ta nan yawancin mutane za su gan shi bayan an matse shi. Idan ingancin ya sauka zuwa faɗin fiksel 360, kowane fiksel uku sun zama ɗaya, layin harafi mai kaurin 3 ya koma 1, kuma a nan ne siraran haruffa ke watsewa. A rage hasken wayar zuwa rabi, a fita da ita waje, a miƙa wa wanda bai san mai maganar ba ya karanta sunan. Idan ya yi tuntuɓe a layi na biyu kaɗai, girman ne ya yi kaɗan ko kalmomin suka yi yawa. Idan kuwa ya karanta da kyau sai a daidai lokacin da mai farar riga ya gifta, duhun shimfiɗar ne za a ƙara da kashi 5 ko 10 a sake fitarwa.